Nazarin Misali: Islamic Relief, Kuɗin Ibada da Aikin Raya Al'umma

Darasin Addini da Cigaba, mako na 6. A karanta kafin a shigo aji.

A 1984, lokacin da yunwa ke cin mutane a Habasha da Sudan, wani likita ɗan asalin Masar mai suna Hany El-Banna da wasu abokansa ɗalibai suka fara tara taimako a birnin Birmingham na Birtaniya. Ƙungiyar na ba da labarin cewa gudummawarta ta farko kwabo 20 ce ta kuɗin Birtaniya, daga hannun wani yaro. Daga nan Islamic Relief ta taso. Ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta Birtaniya a 1989, ta yi aiki a Bosniya lokacin yaƙin shekarun 1990, sannan a 2005 ta shiga gamayyar manyan ƙungiyoyin agajin gaggawa ta ƙasar, wadda ake kira DEC. Yau tana aiki a ƙasashe fiye da 40.

Na zaɓi wannan ƙungiya ne saboda tambayar da take tilasta mana yi. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar addini a irin waɗannan ƙungiyoyi kamar dalili ne kawai da ke sa mutum ya ba da kuɗi, bayan nan aikin iri ɗaya ne da na kowa. Ban yarda da haka ba. Kuɗin da aka bayar don ibada yana zuwa da lokacinsa, da sharuɗɗansa, da mutanen da aka ce a ba, kuma waɗannan suna shiga har cikin tsarin aikin da za a yi a ƙauyen da mai bayarwar bai taɓa jin sunansa ba.

Inda kuɗin ke fitowa

Kuɗin ƙungiyar kashi biyu ne. Akwai na gwamnatoci da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke zuwa da kwangila da rahoto da binciken asusu. Akwai kuma na ɗaiɗaikun Musulmi, musamman mazauna Turai da Arewacin Amurka, wanda ke zuwa da sunan zakka, sadaka, layya, ɗaukar nauyin maraya ko waƙafi. Kashi na biyun shi ne abin nazarinmu.

Mu fara da zakka. Kashi 2.5 cikin 100 ce ta dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas da ake ba. Ma'aikacin da ke zaune da kasafin kuɗi a gabansa zai tarar da tambayoyi uku nan take. Ta farko: ana iya ba wanda ba Musulmi ba? Mafi yawan malamai sun ce zakka ta matalautan Musulmi ce, wasu kaɗan sun sassauta. Amma ƙungiyar ta sa hannu a ƙa'idar aikin agaji ta 1994 da Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka tsara, wadda ta ce ana ba da taimako ne bisa buƙata kaɗai, ba a duban launi ko addini ko ƙasa, kuma ba a amfani da shi wajen tallata wata aƙida. Ta biyu: ana iya haƙa rijiya ko gina aji da ita? Malamai da yawa, musamman Hanafawa, sun shardanta a mallaka wa matalaucin dukiyar a hannunsa, rijiyar gari kuwa ba ta zama mallakar mutum ɗaya. Ta uku: nawa za a cire don albashi da man mota? Ayar ta ambaci masu aikin tattara zakka, don haka akwai hujja, amma iyakar abin da za a cire a nan ma an yi saɓani.

Hanyar da irin wannan ƙungiya ke bi ita ce ware zakka a asusu na daban da rubutacciyar ƙa'ida, sannan a cike giɓin da sadaka da kuɗin hukumomi, waɗanda ba su da wannan ƙaidi. A sansanin da Musulmi da Kirista ke layi ɗaya, kowa zai karɓi buhunsa, sai dai a littafin akanta ba daga aljihu ɗaya aka biya ba. Ina ganin wannan dabara ce mai mutunci, domin ta riƙe amanar mai zakka ba ta wulaƙanta mabuƙaci ba. Tana da tsada dai. Duk sanda kuɗi ya ƙaru da sharaɗi, shugaban ofishin ƙasa yana rasa 'yancin karkatar da shi inda wuta ta fi ci.

Abin lura, wannan kuɗi ya fara jan hankalin waɗanda ba na addini ba. A 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe nata asusun zakka, sai da ta nemi fatawar malamai kafin nan.

Layya da marayu

Shirin layya na ƙungiyar ya fara a 1986, kuma yana cikin manyan ayyukanta na shekara. Mai bayarwa ya biya kuɗin dabba, a yanka a wata ƙasa cikin kwanakin Babbar Salla, a raba naman. Masanin abinci mai gina jiki zai ce nama na 'yan kwanaki ba ya warkar da tamowa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wanda ya tsaya nan bai gama lissafi ba. Kuɗin layya ba zai taɓa zama kuɗin rigakafi ko na takin zamani ba, domin mai shi ibada ya nufa, in ƙungiyar ba ta karɓa ba wani wuri zai kai. Tambayar da ta dace ita ce yadda za a sa wannan kuɗi ya yi amfani sau biyu. Idan an sayi dabbobin a kasuwar yankin, makiyayi da mahauci da mai mota sun samu. Idan an saya da yawa lokaci guda a ƙaramar kasuwa, farashi na iya tashi ya fi ƙarfin mutanen gari. Akwai kuma abin da sikeli ba ya aunawa: iyalin da ke gudun hijira su ci abin da kowa ke ci ranar salla, 'ya'yansu kada su tsaya kallon na wasu.

Ɗaukar nauyin maraya ya fi wannan sarƙaƙiya. Mai bayarwa yana son yaro ɗaya da suna da hoto da rahoton makaranta, kuma falalar kula da maraya a Musulunci ce ke riƙe shi yana biya shekara da shekaru. Kuɗi ne mai ɗorewa wanda ba kowace ƙungiya ke samu ba. Matsalar tana ƙauye. A fiƙihu maraya shi ne yaron da mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. To, ɗan maƙwabci da mahaifinsa ke raye amma yana kwance ba ya iya noma fa? Talaucinsu ɗaya, ko ma na biyun ya fi, amma ma'anar kalmar ta fitar da shi. Shi ya sa ake ƙoƙarin haɗa tallafin da jari ga uwar yaran da ayyukan da dukan unguwa za ta amfana.

Lokacin da addini ya buɗe ƙofa

Annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Gawar wanda cutar ta kashe tana yaɗa ta sosai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin kamuwa wajen jana'iza suke faruwa. Matakin farko da hukumomi suka ɗauka shi ne ƙwace gawa a saka ta a leda a binne ba wanka ba salla, a Monrovia, babban birnin Laberiya, ma har ƙona gawa aka wajabta. Mutane suka fara ɓoye marasa lafiya suna binne matattunsu da dare.

A Nuwamba 2014 Hukumar Lafiya ta fitar da sabuwar ƙa'idar binnewa cikin tsaro da mutunci, wadda aka tsara tare da Red Cross da ƙungiyoyin addini, ciki har da Islamic Relief da Caritas da World Vision da Majalisar Majami'u ta Duniya. Ga Musulmi an tanadi taimama a madadin wanka, da likkafani, da salla daga ɗan nesa. Limamai da fastoci suka hau mumbari suna bayanin cewa barin wankan gawa don tsare rai ba saɓo ba ne. A 2015 Islamic Relief da ƙungiyoyin agaji na Kirista CAFOD da Christian Aid da Tearfund suka fitar da rahoto tare, suka ce an yi jinkirin shigo da shugabannin addini, kuma jinkirin ya jawo asarar rayuka. Ku lura cewa abin da ya yi aiki a nan ba kuɗi ba ne. Sanin fiƙihu ne, da kuma kasancewar mai maganar mutum ne da jama'a suka riga suka amince da shi kan sha'anin mutuwa.

Lokacin da ya jawo zargi

Sunan da ke buɗe ƙofa a masallaci yana rufe ta a banki. A 2014 Isra'ila ta haramta ƙungiyar bisa zargin taimaka wa Hamas, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta saka ta a jerin 'yan ta'adda. Ƙungiyar ta musanta duka biyun, ta ce binciken da ta sa masu zaman kansu suka yi bai gano wata hujja ba. Bankin HSBC ya daina hulɗa da ita a wannan tsakani. Wannan matsala ta wuce ƙungiya ɗaya: bankuna na gudun tara, sai su ƙi aika kuɗi zuwa wuraren yaƙi, inda buƙatar ta fi tsanani. A 2016 hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram ta gyara shawararta ta 8 game da ƙungiyoyin jinƙai, a Disamba 2022 kuma Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 da ya keɓe aikin agaji daga takunkuman daskarar da dukiya.

Ba duk laifin ne daga waje ba. A 2020 jaridar The Times ta bankaɗo rubuce-rubucen ƙin jinin Yahudawa da wasu daga cikin amintattun ƙungiyar suka taɓa wallafawa. Suka sauka, aka sake kwamitin amintattu, aka kuma ɗora wa tsohon babban lauyan gwamnatin Birtaniya Dominic Grieve bincike. Rahotonsa na Janairu 2021 bai sami wannan ƙiyayya a tsarin ƙungiyar ba, amma ya nemi a gyara yadda ake tantance shugabanni. Ƙungiyar da jarinta amana ce ba ta da uzurin sakaci wajen zaɓen masu jagorantarta, domin in masu bayarwa suka ja baya, wanda ke sansani ne zai kwana da yunwa.

Aikin aji

Ga wani yanayi na misali. Ke ce, ko kai ne, shugaban ofishin ƙungiyar a ƙasar da fari ya afka wa. Rabin mutanen yankin ba Musulmi ba ne. Yawancin kuɗin da ke hannu zakka ce da aka tara a Ramadan, abin da dattawan gari suka roƙa kuwa gyaran madatsar ruwa ne, ba rabon hatsi ba. Hedikwata na jiran hotunan rabo don nuna wa masu bayarwa, bankin da zai turo sauran kuɗin kuma ya riƙe su yana neman ƙarin takardu. Kowane rukuni ya rubuta shafi biyu: me za ku yi da zakkar, wace hujjar malamai da wace ƙa'idar agaji kuka dogara da su, kuma me za ku faɗa wa dattawan idan amsar ba ita ce suke so ba. A miƙa kafin darasin mako na 7.