Takardar Makin Alƙali: Fosta ta 14, Tace Ruwan Kududdufi da Ƙwayar Zogale

Wannan fosta aikin ɗalibai uku ne 'yan aji biyu na babbar sakandare, kuma an duba ta bisa ma'auni uku na baje kolin kimiyya na makarantar, jimillar maki 100.

A kan fayyace bayani, na ba da maki 25 cikin 30. Ana iya karanta kanun fostar daga nisan mita biyu, tambayar binciken tana sama, kuma hotunan kwalaben suna jere yadda aikin ya gudana. An rage maki biyar saboda jadawalin sakamako bai nuna ko minti ake ƙirgawa ko awa ba.

A kan hujja, na ba da maki 24 cikin 40, kuma nan ne aikin ya fi buƙatar gyara. Ɗaliban sun zuba lita ɗaya ta ruwan kududdufi a kowace daga cikin kwalabe huɗu: ta farko ba a sa mata komai ba, ta biyu an sa garin ƙwaya ɗaya, ta uku garin ƙwaya biyu, ta huɗu kuwa alif. Barin kwalba ɗaya haka nan abin yabo ne ƙwarai, domin ita ce ke nuna yawan lakar da za ta kwanta da kanta. Sai dai sau ɗaya tak aka yi gwajin, kuma da ido aka auna hasken ruwan. Da sun zana baƙar alama a gindin dogon bututu mai haske, suna ƙara ruwa har alamar ta ɓace, da sun samu tsawo a santimita wanda kowa zai iya sake aunawa. Abin da ya fi damuna shi ne jimlar ƙarshe da ke cewa ruwan ya zama na sha, alhali ba a gwada ƙwayoyin cuta ba. Garin zogale yana rage su, amma ba ya kawar da su gaba ɗaya.

A kan amsa tambayoyi, na ba da maki 24 cikin 30. Da na tambayi dalilin da laka ke kwanciya, ɗaliba ta farko ta bayyana cewa furotin ɗin ƙwayar yana da cajin da ke janyo ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse, kuma amsar daidai ce. Da na tambaya ko za su sha ruwan, ta biyu ta ce, "Malam, sai an tafasa shi tukuna, ko a sa kulorin." Ta uku ba ta samu damar magana ba, shi ya sa aka rage maki.

Jimilla ita ce 73 cikin 100. Ina ba da shawarar fostar ta wuce zagaye na gaba, da sharaɗin a maimaita gwajin sau uku kuma a gyara jimlar ƙarshe ta fostar da ke cewa ruwan ya zama na sha.