Tsarin Abincin Rana na Taron Dillalai, Alhamis 9 ga Shawwal

Ranka ya daɗe Manaja, ga tsarin abincin da za a gabatar a taronmu da dillalan Kasuwar Singa da na Dawanau, wanda za a fara da ƙarfe 11 na safe a ofishinmu na Kano. Mutum 14 ne suka tabbatar da zuwansu, kuma 3 daga cikinsu sun sanar da mu cewa suna azumin Sitta Shawwal, saboda haka mutum 11 ne za su ci abinci a wurin. An ware Naira 80,000 domin wannan hidima, kuma ba a wuce ta ba.

Babban abincin kala biyu ne, kowane baƙo zai ɗauki ɗaya. Na farko dafa-dukan shinkafa ne da yanka ɗaya na soyayyiyar kaza da ɗan kabeji da karas a gefe, an yi odar mazubi 8. Na biyu dambun shinkafa ne da zogale da gyaɗa, shi ma da kaza, an yi odar mazubi 4. Jimilla 12 ke nan, domin an ƙara ɗaya ko da wani dillali zai zo da yaronsa ba tare da ya faɗa ba, abin da ba baƙo ba ne a irin wannan zama. An roƙi mai girkin da ta rage attaruhu, za ta kuma ƙulla yaji daban ga mai so.

Ba a sa tuwo ko masa da miyar taushe ba, duk da cewa sun fi burge baƙo, saboda suna buƙatar kwanuka biyu da ruwan wanke hannu, ga kuma haɗarin miya ta ɗiga a kan takardun yarjejeniya. Abin da aka zaɓa dukkansa da cokali ake cinsa, kuma zai iso a rufe cikin mazubin roba, ta yadda masinja ɗaya zai iya jera shi a kan tebur cikin minti biyar.

Abin sha ruwan gora ne mai sanyi da zoɓo mai citta da kanumfari. Lita biyu daga cikin zoɓon ba za a sa musu sukari ba, za a kuma liƙa musu takarda, domin ɗaya daga cikin dattawan yana da ciwon suga. An so a kawo kunun aya, amma a wannan zafi yana saurin tsami idan wuta ta ɗauke, shi ya sa aka haƙura da shi. Bayan abinci akwai yankakkiyar kankana da ayaba a faranti biyu.

Masu azumi kuwa ba za a ba su shinkafar da aka dafa da hantsi ba, domin kafin a kira Magariba, wajen ƙarfe bakwai saura, ta kwana biyu a ido ko da ba ta lalace ba, balle a ce ta yini a cikin mota. An shirya wa kowannensu ƙunshin buɗa-baki na abin da ke jure zafi: dabino bakwai, gurasa biyu, dambun nama, lemon zaƙi biyu da gorar ruwa. Kuɗin ƙunshin ya ɗan ɗara na mazubin abinci, kuma da gangan aka yi hakan, don kada wanda ya yi azumi ya ga kamar ragowa aka ba shi. Za a miƙa musu a cikin jaka lokacin sallama, ba a gaban jama'a ba.

Za a dakatar da tattaunawa da ƙarfe 1:30 domin sallar Azahar, sannan a ci abinci daga ƙarfe 2 zuwa 2:30 a ƙaramin ɗakin da ke kusa da na taro. Masu azumi za su iya zama a ɗakin taro su huta, inda ƙamshin abinci ba zai dame su ba. Ana roƙon kada a yanke wata shawara kan farashi ko rabon kaya a bakin abinci, tunda uku daga cikin masu ruwa da tsaki ba sa wurin.

Lissafin kuɗin shi ne kamar haka. Mazubi 12 a kan Naira 3,500 kowanne sun kama Naira 42,000, zoɓo da ruwa Naira 9,000, kayan marmari Naira 6,000, ƙunshin masu azumi uku a kan Naira 4,000 kowanne Naira 12,000, sai cokula da tishu da jakunkuna da kuɗin adaidaita sahu Naira 5,000. Jimilla Naira 74,000 ke nan, saura Naira 6,000 da za a riƙe saboda ƙanƙara ko wani abin da ka iya tasowa. Mai girkin ta nemi a ba ta rabin kuɗin shinkafar, wato Naira 21,000, kafin yammacin Talata domin ta yi cefane, kuma ta yi alkawarin abincin zai iso ofis da ƙarfe 1 daidai.