Jagora ga masu gabatarwa: yadda za ku tsara silaid don nunawa a taron bidiyo

Kowane mai gabatarwa a wannan horo yana da minti 20, kuma dukkanmu ta Zoom za mu haɗu. Ku sa a ranku cewa silaid ɗin da ya cika sikirin ɗinku ba haka yake isa wurin mahalarta ba. Wasu a ƙaramar kwamfuta za su kalla, hotunan mutane sun cinye gefe guda, wasu kuma a waya. Don mai waya za ku yi tsarin.

Ku fara da siffar 16:9. A PowerPoint faɗinta santimita 33.87 ne, tsayi 19.05. Idan mutum ya kwantar da wayarsa, shafin yakan koma kusan santimita 12, wato kashi ɗaya cikin uku ke nan. Rubutu mai girman 24 sai ya zama kamar 8, mai girman 12 kuwa ya koma 4, wanda ko mai kaifin ido sai ya runtse. Idan wayar a tsaye take, abin ya fi haka ƙanƙancewa. Saboda haka kan magana ya kasance 36 zuwa 40, sauran rubutu 28, kada komai ya gaza 24, har da lambobin da ke jikin jadawali, don nan ne aka fi mantawa. Idan magana ta ƙi shiga shafi, a raba ta biyu, kada a matse ta. Layi biyar sun isa shafi ɗaya.

Sai gefuna. Ku bar aƙalla kashi 5 cikin 100 fanko ta kowane ɓangare: santimita 1.7 dama da hagu, santimita 1 a sama. Ƙasa ta fi bukatar sarari, ku ba ta santimita 3, domin nan maɓallan taro suke fitowa, nan kuma rubutun maganar mai magana yake sauka ga wanda ya kunna shi. Kusurwar dama ta sama ma ba abin yarda ba ce, ƙaramin hoton mai magana yakan zauna a kai. Jimillar lissafi ko ranar rufe rajista kada su taɓa zama a waɗannan wurare. Ku kunna layukan awo ta View > Guides, ku ja su a cikin Slide Master sau ɗaya, duk shafuka su bi.

Batun launi yana da dalili. Manhajar taro tana matse hoton kafin ta aika, kuma idan intanet ya yi rauni, siraran layuka ne ke fara dushewa. Ja a kan shuɗi yakan yi dishi-dishi, bango mai launin da ke sauyawa a hankali kuma ya fito da zane-zane. Ku zaɓi bango mai launi ɗaya da rubutu mai kauri marar ado. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5:1 tsakanin rubutu na yau da kullum da bango. Baƙi a kan fari ya wuce wannan nesa ba kusa ba, toka-toka mai haske a kan fari kuwa ba ya kaiwa. Masu rubutu da Hausa su duba ƙ, ɗ da ɓ, don wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai harafin ya fito daban da 'yan uwansa. Noto Sans yana da su duka.

Motsi da juye-juyen shafi ku cire su. Hotunan da ake aikawa a daƙiƙa ba su da yawa yayin nuna sikirin, don haka abin da ke tafiya sumul a wurinku yana tsalle-tsalle ne a wurin mai kallo. Fito da layuka ɗaya bayan ɗaya ba laifi, in da salon Appear na PowerPoint aka yi. Mai bidiyo ya danna Share sound da zaɓin Optimize na bidiyo a Zoom kafin ya fara nunawa, in ba haka ba mutane za su ga baki na motsi babu murya.

Ku nuna tagar silaid kaɗai, ba dukan sikirin ba. A PowerPoint ku shiga Slide Show > Set Up Slide Show, ku zaɓi Browsed by an individual (window). Gabatarwar za ta buɗe a taga, ku ci gaba da ganin fuskokin mutane. Ku kunna Do not disturb, ku rufe imel da manhajojin saƙo. Linzamin kwamfuta kuma a ajiye shi gefe sai za a nuna wani abu, don ido yana bin duk abin da ke yawo. Ku sa lamba babba a kowane shafi, mai tambaya ya iya cewa a koma na 7.

Kwana ɗaya kafin taron, ku buɗe taron gwaji a kwamfuta, ku shiga shi da wayarku, ku bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda sai kun buɗa shi da yatsu biyu kafin ku karanta, ku gyara shi kafin ku turo mana fayil ɗin ranar Laraba da ƙarfe 4 na yamma.