Amsoshin barka da Sallah daga shagon tela a Agege

Juma'a, 10 ga Zulhijja 1446, 6 ga Yuni 2025

Ga Kawu, Kano

Kawu, Allah ya ƙara girma. Yanzu na buɗe waya na tarar da gaisuwarku tun ƙarfe shida da kwata, kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗa ne ke zuwa ya durƙusa ranar Sallah, yau kuma ga uba ya riga. Wallahi ba mantuwa ba ce. Keke bai tsaya ba sai bayan asuba, mai rigar ƙarshe a tsaye yake a kaina har na sa maɓalli, daga nan sai wanka sai filin idi. Addu'ar rufin asiri da kuka yi mini na shafa, na ce amin har sau uku. Allah ya bar mana ku, ya sauƙaƙa ciwon gwiwar nan, ya sa baɗi ku taka Ƙofar Mata da ƙafarku ba tare da sanda ba. Idan an sauko daga Juma'a zan kira in gaishe ku da baki, kada rubutu ya tsaya a madadina.

Ga Inna, Mina

Inna, ko in ce Hajiya, tunda jiya an tsaya a Arfa sunan ya tabbata. Na saurari muryarki sau huɗu. A cikin wannan cunkoso, bayan kwanan Muzdalifa a kan tsakuwa, har kika ari wayar mutane don ki ce mini barka da Sallah. Ban san da me zan rama wannan ba. Na ji muryar ta ɗan dushe, don Allah a riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi, kuma kada a fita cikin tsakar rana. Tsakuwa bakwai ɗin yau an gama da su, alhamdulillahi. Na gobe da na jibi, in ƙafa ta ƙi, ki wakilta Yaya ya jefa miki, malamai sun ce babu laifi ga mai rauni. Ni ma na yi azumin Arfa jiya a kan keke, da aka sha ruwa ke na fara ambata. Allah ya sa karɓaɓɓe ne. In kin je ɗawafi ki tuna da Baba, Allah ya haskaka makwancinsa, sai ki tuna da ni daga baya. Tsaraba ba na son komai sai zamzam da ke kanki lafiya.

Ga mai kayan da suka makara

Alhaji, na gode ƙwarai. Mutumin da na tsayar a bakin shago har ƙarfe biyar na asuba, shi ne kuma ya fara aiko mini da barka, wannan halin girma ne. Na hango ka a sahu na uku, babbar rigar ta zauna, aikin wuyan ma ya fito. Allah ya sa a kashe lafiya. Na ƙaramar Sallah ka kawo tun watan Sha'aban, ni kuma na yi alkawari ba za ka sake ganin fitowar alfijir a shagona ba.

Ga Maman Ummi

Hoton ya iso kafin gaisuwar, kuma shi ya fi ta magana. Ummi ta yi kyau, sai dai ɗankwalin ya fi kanta girma, wa ya ɗaura mata? Rigar Abba na ga hannun ya ɗan wuce, da gangan na bar shi haka, yaron nan kamar ana jan sa yake tsawo. Ke kuma kin ɓuya a bayansu, lallen kawai na gani. A sake ɗauka.

Na ji abin da kika ce, Sallah babu maigida ba ta cika ba. Nan ma haka take. Kin san na so tahowa, amma tun ambaliyar Mokwa a makon jiya hanyar ta rikice, direbobin da suka iso suna ba da labarin kwana da kwanaki a kan titi, ga ɗinkin mutane jibge. Mutum sama da 150 ruwa ya ci a garin nan, wasu gidajen yau babu wanda zai ce wa wani barka. Da na tuna haka sai na ga rashin zuwana ƙaramin abu ne. Allah ya jiƙansu.

Sannu da aiki, don na san tun da aka yanka ba ki zauna ba. Cinya guda a kai gidan Kawu, ɗayar gidan su Baba Malam, kuma kada a manta da tsohuwar nan ta bayan layi, Inna ba ta taɓa tsallake ta ba. Hantar ki fara gasa wa yara. Nawa kason a soya shi ya bushe sosai, a zuba cikin man, zai jira ni mako biyu. In ya ragu da yawa kafin in iso, na san wanda zan tambaya, kuma ba Abba ba ne.

Ga Auta

Na ga ragon mai walƙiya da ka turo, ni da mutum nawa? A sama an rubuta an yi ta tura shi. Duk da haka na karɓa, Allah ya maimaita mana. Layin da ka ƙara a ƙasa da hannunka, na goron Sallah, shi ma na gani, ka duba asusunka. Ka taya Yayarka babbakar kai da ƙafa kafin ka fita yawon Sallah.

Ga Maigida, wanda ya koya mini ɗinki

Maigida, Allah ya ja da rai. Shekara goma sha ɗaya da barina shagonku na Fagge, har yau ba ku fasa tambayar ko na ci abinci a daren jajibere ba. Na ci, gurasa ce babu, sai burodin Agege da shayi. Kuna cikin raina jiya da dare, lokacin da yarona ya yanka shadda ba daidai ba na ɗaga murya, sai na tuna yadin wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da na lalata muku ana gobe Sallah. Ba ku ce mini komai ba, kuka sayo wani da kuɗinku, kuka miƙo mini almakashin kuka ce in sake. Sai na sauke murya na miƙa wa yaron almakashi. Duk rigar da ta fita daga hannuna aka je idi da ita yau, kuna da lada a ciki. Allah ya ƙara wa idanu haske, ya sa ku ga na baɗi da na baɗin baɗaɗa.

Ga maƙwabcina mai shagon magani

Oga, na gode, kuma Hausarka ta Sabon Gari ba ta tsufa ba, ko kuskure ɗaya babu. Kai da ba ka yin Sallah ka riga masu yin ta. Na gode kuma da wutar janareto da ka ja mini dare uku, ba don ita ba da yau wasu da tsohuwar riga za su yi Ileya, kamar yadda kuke ce mata a nan. Mun yi watanda mu bakwai, saniyar tana hannun mahauta, kason gidanka na nan tafe kafin la'asar. Ka ce wa Madam ta tanadi barkono. Kirsimeti kuma ina jiran shinkafata.

Ga taubashina, Maraɗi

Kai, bawana, yaushe ka samu waya? Na ga saƙonka, har da cewa wai ragonka ya fi nawa. Ban musa ba, ku ne da dabbobi. Mu nan wanda ya leƙa kasuwar Kara bana ya ji farashi, sai ya dawo yana lissafin mutum bakwai a saniya. Amma ina amfanin babban rago a hannun mutanen da za su banƙare shi a kan itace, su kewaye wuta da shi, su wuni suna kallo suna haɗiyar yawu, ba za a raba ba sai washegari? Mu kafin azahar mun san ɗanɗanon namu. To, na amsa gaisuwa, tunda yaro ya gaida ubangidansa dole a amsa. Allah ya karɓi ibada, ya ba ku damina mai albarka, gero ya yi kai. Ka durƙusa ka gaishe mini da Gwaggo da kyau, ka ce mata ɗanta na gaskiya yana nan tafe bayan Inna ta sauka. Kilishina kuma bashi ne, ban yafe ba.

Ga Baba Malam

Allah ya gafarta Malam. Na ga saƙon da aka rubuto da sunanku, na kuma ji nauyinsa, domin ni ke da hakkin zuwa. Na gode da addu'a, na gode da kula da iyali da ake yi a bayana, musamman yanka da kuka tsaya a kai da safe. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Idi da Juma'a sun haɗu mana a rana ɗaya, a sa mu cikin addu'ar duka biyun.

Ga wani aboki, bayan la'asar

Tun safe na ga saƙonka. Na amsa na kowa na bar naka, ba don raini ba, rasa abin faɗa na yi. Shekara biyu ba mu yi magana ba, sai ga kalma huɗu daga gare ka, kuma ka fi ni da ka fara. A kan kuɗin kekunan nan, na faɗi maganar da bai kamata ba a gaban mutane, na sani tun ranar, girman kai ne ya hana ni dawowa. Ka yafe mini. Ni dai babu komai a raina yanzu.

Ɗazu a filin idi wani ya wuce da hula zanna bukar ya karkata ta hagu irin taka, har na ɗaga hannu. Ka tuna shekarar da muka hau katanga don mu ga hawan Daushe, dogari ya biyo mu, ka bar takalminka ɗaya a Ƙofar Kudu? An ce an yi maka haihuwa, namiji. Allah ya raya. Turo mini tsawonsa, akwai ragowar farar shadda a nan da ta isa 'yar riga da wando. In lambar nan ce har yanzu, zan kira bayan isha'i.

Ga ƙungiyar teloli ta unguwa

Amin, amin, na ga na kowa. Sannunmu da ƙoƙari, Allah ya huce gajiya. Wanda ya ari almakashina babba daren Laraba ya dawo da shi ranar Litinin. Kafin nan kada wanda ya buga mini ƙofa, barci zan yi.