Wasiƙar Bidiyo ta Sakan 90 Daga Alƙahira Zuwa Malumfashi

Mai magana shi ne ni, Aminu, ɗalibin shekarar farko a Kwalejin Shari'a da Doka ta Jami'ar Azhar, kuma mai riƙe waya shi ne abokin zamana Bashir, ɗan Maraɗi. Za a tura bidiyon ne ta wayar ƙanwata Hafsatu, domin ta nuna wa Baba da Umma. Na rubuta komai a nan saboda na san halina: idan na fara magana da su ba tare da rubutu a gabana ba, gaisuwa kaɗai za ta cinye lokacin, muryata kuma ta fara rawa kafin na kai ga abin da nake son faɗa.

Bashir, ka riƙe wayar a kwance daga farko har ƙarshe, kuma kada ka saka kiɗa ko wani sauti a ƙarƙashin maganar, domin kunnen Baba ya fara nauyi, ba ya kuma son hayaniya idan ana yi masa magana.

Fitowa ta farko, sakan 0 zuwa 12: ɗakinmu a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, bayan sallar asuba

Hoto: Ina durƙushe a kan darduma, sanye da farar kaftani da hular da Baba ya cire daga kansa ya ɗora mini a tashar mota ranar da zan tafi. Ka sa wayar ta ɗan fi kaina tsawo, yadda za su gan ni daga sama kamar yadda suke ganina idan na shiga gaishe su da safe a gida. Ka bar tagar a buɗe a bayana domin hasken safiya ya shigo, ko da kuwa za mu sha sanyi na ɗan lokaci.

Magana: "Assalamu alaikum. Baba, Umma, ina kwananku? Ina fatan kun tashi lafiya, ya sanyi, ya kuma jama'ar gida? Aminu ne daga Alƙahira. Wata huɗu ke nan kuna jin muryata kawai, yau na ce bari ku gani da idanunku."

Fitowa ta biyu, sakan 12 zuwa 27: gefen gado

Hoto: Na miƙe tsaye, na juya sau ɗaya a hankali domin Umma ta ƙare mini kallo, tunda a duk kiran da muka yi sai ta ce muryata ta nuna mata na rame. Daga nan ka karkata zuwa kan gado, inda bargon da ta naɗe mini yake shimfiɗe, da rigar sanyin da na saya a kasuwar Ataba rataye a jikin ƙusa. Sanyin Janairu a nan ya sha bamban da hunturunmu, domin babu ƙura ko hazo mai busar da leɓe, sai dai wani sanyi mai laima da ke shiga ƙashi da dare, amma ba sai na yi musu wannan bayanin ba, kada na ƙara wa Umma abin tunani.

Magana: "Umma, ga ni nan, ku duba da kyau, ban rame ba. Ga bargonku, shi nake lulluɓa da shi kullum. Na san na yi gardama ranar da kuka cusa shi a jaka, na ce zai yi nauyi. Ku yafe mini, ku ne da gaskiya."

Fitowa ta uku, sakan 27 zuwa 48: wurin girki

Hoto: Wannan ita ce fitowar da ta fi kowace muhimmanci a wurin Umma, saboda haka kada mu yi mata gaggawa. Ka fara da tukunyar miyar kuka tana tafasa, ka matso kusa har tururin ya bayyana, sannan ka nuna hannuna ina tuƙa tuwo da muciyar da ta sa a ƙasan akwati ba tare da na sani ba. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, kuma ban taɓa ganin shinkafar da ta fi ta daɗin tuƙi ba, don haka malmalar za ta fito sumul ba za ta ba ni kunya ba. A kan tebur ka jera robar yaji, da ƙullin daddawar da na zo da ita daga gida, da kwalbar zoɓo, da gurasar Masar guda biyu, wadda suke kira aish, wato rayuwa a harshensu. Idan na ambaci yaji zan ɗaga robar sama, kai kuma ka tsaya a kanta na sakan biyu domin a ga inda ya kai, wanda bai wuce yatsa biyu daga ƙasa ba. Ina roƙonka kada ka yi dariya a wannan wurin, ko da yake mu biyu mun san wanda ya fi cin yajin.

Magana: "Ga tuwo, ni na tuƙa da hannuna. Mutanen nan suna shan zoɓo kamar mu, sunansa karkade, suna kuma yin miyar lalo, su ce mata mulukiya. Amma daddawa babu ita a duk faɗin garin nan. Yajinku kuwa, Umma, ga abin da ya rage. Ban ce komai ba, na dai nuna muku."

Fitowa ta huɗu, sakan 48 zuwa 68: farfajiyar Masallacin Azhar, bayan azahar

Hoto: Wannan ta Baba ce. Za mu nemi izinin masu kula da ƙofa kafin mu ɗaga waya, kuma ka kauce wa fuskokin masu salla da masu karatu. Ka fara daga ƙasa, daga farin dutsen da aka shimfiɗa a farfajiyar, ka ɗaga a hankali har zuwa hasumiyar nan mai kai biyu, sannan ka dawo kaina ina zaune a gindin ginshiƙi da tsohon littafin fiƙihun da Baba ya yi karatu da shi a zaure. Zan buɗe shafin da ya yi rubutu a gefensa da tawada tun kafin a haife ni, ka matso sosai yadda zai gane rubutun hannunsa. A ƙasan hoton za a rubuta da manyan baƙaƙe: Masallacin Azhar, an fara gina shi a shekarar 970, an buɗe shi a 972. Baba ya sha gaya mana cewa a dā ɗaliban Borno suna da ɓangarensu na musamman a wannan masallaci, kuma shi kansa ya so zuwa a ƙuruciyarsa, hidimar gida ta riƙe shi. Ba zan ambaci wannan a baki ba, domin ba maganar da ɗa zai yi wa mahaifinsa a gaban jama'a ba ce, kuma shafin zai isar da saƙon. Haka nan ba zan ambaci bijimin da aka sayar aka yi mini kuɗin jirgi ba, zan dai tsaya a kan kalmar ɗawainiya.

Magana: "Baba, ga masallacin da kuke ba mu labari. A nan nake zama bayan darasi, da littafinku. Malaminmu ya ga rubutunku a gefen shafi, ya tambayi wanda ya yi shi, na ce mahaifina ne, ya ce in gaishe ku. Ɗawainiyar da kuka yi ban manta ba, kuma in sha Allahu ba zan yi wasa ba."

Fitowa ta biyar, sakan 68 zuwa 76: gadar Ƙasrun Nil, da la'asar sakaliya

Hoto: Gajeriya ce, ta yara. Ka nuna ɗaya daga cikin gumakan zakin da ke bakin gadar, ka juya zuwa ruwa da jiragen da ke kansa, ni kuma ina ɗaga hannu. Idan iska ta yi yawa, mu ɗauki maganar a ɗaki mu ɗora a kan hoton.

Magana: "Hafsatu, Sadiƙu, Auta, ga Kogin Nilu na cikin littafinku. Sadiƙu, na ji ka haye kekena, ka dai riƙa duba birki."

Fitowa ta shida, sakan 76 zuwa 90: ɗakinmu, bayan magariba

Hoto: Mun dawo inda muka fara, ina durƙushe a kan dardumar nan, sai dai yanzu fitilar tebur ce a kunne, takardun jarrabawa kuma suna gefena. Kada ka motsa wayar ko kaɗan. Idan muryata ta ɗan sarƙe a jimlar ƙarshe, ka ƙyale ta haka, ba sai mun sake ɗauka ba, sai fa idan hawaye ya fito, domin idan Umma ta ga hawaye duk abin da muka nuna mata a baya ya tashi a banza.

Magana: "Ranar Asabar zan fara jarrabawa, ƙarfe tara a nan, takwas ke nan a gida. Ku sa mini albarka. A gaida Kaka da su Kawu. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya sada mu da alheri. Wassalamu alaikum."

Bayan sallamar ka bar hoton ya tsaya sakan ɗaya a kaina kafin ya ɗauke, kada ya yanke a bakin kalma. Idan mun haɗa duka sai mu rage nauyin bidiyon, domin sabis yana wahala a unguwarmu kuma ba na son Hafsatu ta ƙarar da datarta wajen sauke shi. Zan rubuta mata cewa kada ta buɗe shi da rana ita kaɗai, ta jira sai Baba ya dawo daga sallar isha'i ya zauna a kan tabarmarsa, ta kira Umma daga ɗaki, ta miƙa masa tabaraunsa, sannan ta ƙure sautin wayar ta kunna.