Darasin bayoloji, aji biyu na babbar sakandare: lissafin ainihin girman ƙwayar halitta da layin ma'auni

Ɗalibai, na duba littattafanku na aikin albasa da muka yi ranar Alhamis. Zanen ya yi kyau, amma lissafin ya ba ni dariya da takaici. Wani daga cikinku ya rubuta cewa tsawon ƙwayar halittar albasa guda ɗaya santimita 29 ne, wato kusan tsawon doguwar rula. Da haka ne, da babu mai buƙatar maikiroskop. Shi ya sa na rubuta muku wannan takarda. Kowa ya ɗauko rula mai milimita da fensir kafin ya ci gaba da karatu.

A ƙasan hoton da aka ɗauka da maikiroskop, galibi a kusurwa, za ku ga wani ɗan gajeren layi da lamba kusa da shi, misali 100 µm. Shi ne layin ma'auni. Abin da yake faɗa shi ne: duk abin da ya kai tsawon wannan layi a cikin hoton, to a zahiri tsawonsa maikiromita 100 ne. Irin layin da ke ƙasan taswira ne, mai nuna kilomita nawa ne tsakanin Kano da Zariya, sai dai shi taswira rage girma take yi, maikiroskop kuma ƙarawa yake.

Ku fara da ma'aunai, don nan ne mafi yawanku kuka zame; µm shi ne maikiromita, nm kuma nanomita:

```
1 cm = 10 mm
1 mm = 1000 µm
1 µm = 1000 nm
```

Daga milimita zuwa maikiromita a ninka da 1000. In za a koma baya, a raba da 1000. Ku riƙa awo da milimita tun farko, ku bar santimita, domin duk wanda ya auna da santimita ya manta ya ninka da 10, amsarsa za ta kauce sau goma cif.

Ƙa'idar guda ɗaya ce, tana da fuska biyu. M shi ne ninkin girma, I shi ne tsawon abu a hoto kamar yadda rula ta nuna, A kuma shi ne ainihin tsawonsa:

```
M = I ÷ A
A = I ÷ M
```

Yanzu hoton fatar albasa da na raba muku. An rubuta 100 µm a kan layin ma'auninsa. Ɗora rula a kan layin, za ka samu milimita 20. Ka lura, ba mu taɓa ƙwayar ba tukuna. Layin muke fara aunawa, domin shi kaɗai ne muka san tsawonsa biyu, na hoto da na zahiri.

```
20 mm = 20,000 µm
M = 20,000 ÷ 100 = ×200
```

Hoton ya ninka komai sau 200. Ninkin girma ba ya ɗaukar ma'auni, don maikiromita na sama da na ƙasa sun cinye juna. A sa masa alamar × a gaba kawai. Wanda ya rubuta 200 µm a nan ya zubar da maki a banza.

Sai ƙwayar da na sa wa alama. Daga bangon wannan gefe zuwa bangon wancan, ta wajen da ta fi tsawo, milimita 58.

```
58 mm = 58,000 µm
A = 58,000 ÷ 200 = 290 µm
```

Maikiromita 290, wato milimita 0.29. Mai santimita 29, ka ga inda ka tsaya: lambobinka daidai suke, milimita 290 ka samu a maimakon maikiromita 290, kuskuren sau dubu.

Akwai gajeriyar hanya idan ba a tambaye ku ninkin girma ba. Tambayi kanka, layin ma'auni nawa ne zai shiga cikin tsawon ƙwayar? 58 a raba da 20 ya ba da 2.9. Kowane layi maikiromita 100 ne, saboda haka 2.9 sau 100, an dawo 290. Ni na fi son wannan don tantance amsa, amma a jarrabawar WAEC ko NECO ku nuna matakanku duka, saboda mai maki yana bin aikin layi-layi.

Wata ɗaliba ta yi tambaya mai kyau a aji: Malam, tunda gilashin ido ×10 ne, na kusa da samfurin kuma ×40, ai ×400 ke nan, me ya sa ba za mu raba da 400 mu huta ba? Lissafinta na 400 daidai ne, amma wannan ninkin abin da idonki ke gani ne a cikin na'urar. Da zarar an ɗauki hoto, an buga shi a takarda ko an buɗe shi a waya, girman ya tashi daga hannun gilashin. A ce na kai hoton albasar nan wurin mai fotokwafi ya ƙara masa girma da rabi. Ƙwayar za ta koma milimita 87. Idan da ×200 aka rubuta a ƙasan hoton, rubutun zai fito ×200 ɗinsa, bai san an ƙara komai ba, kuma 87,000 a raba da 200 zai ba ku 435, amsar ƙarya. Shi kuwa layin ma'auni tare da ƙwayar ya girma, ya zama milimita 30. Raba 87 da 30, 2.9 ne har yanzu, amsa 290. Ku gwada a waya: ku ja hoton da yatsu biyu ya cika fuskar wayar, ku sake aunawa. Saboda haka idan hoto yana da layin ma'auni kuma yana da lambar ninki, layin za ku bi.

Misali na biyu, jajayen ƙwayoyin jinin mutum. Layin yana ɗauke da 10 µm, rula ta ba da milimita 24, faɗin ƙwaya ɗaya kuma milimita 18.

```
M = 24,000 ÷ 10 = ×2400
A = 18,000 ÷ 2400 = 7.5 µm
```

Wannan ya dace, domin faɗin jar ƙwayar jinin mutum tsakanin maikiromita 7 da 8 yake. Ku saba da irin waɗannan lambobi don ku riƙa jin ƙanshin kuskure: ƙwayar cikin kumatu wajen maikiromita 50 zuwa 60, bakteriyar E. coli wajen maikiromita 2 a tsawo. Maikiroskop mai amfani da haske irin namu ba ya rarrabe abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan maikiromita 0.2, shi ya sa duk hoton da kuka ga layinsa da nanomita, mai yiwuwa da maikiroskop na ilaktaron aka ɗauke shi.

Idan ƙwaya mai zagaye ce, a auna ta tsakiya, inda ta fi faɗi. Kuma a fara daga alamar sifiri ta rula, ba daga bakin rular ba, musamman irin rulolinku da aka gutsure wa baki.

Aikin gida, a kawo ranar Litinin da safe, da matakai a rubuce:

1. Ƙwayar cikin kumatu: layin ma'auni 20 µm, tsawonsa a rula milimita 16, faɗin ƙwayar milimita 44. Nemo ninkin girma da ainihin faɗin.

2. Bakteriya: layin 500 nm, tsawonsa milimita 15, tsawon bakteriyar milimita 60. Ba da amsar da maikiromita. A nan sai kun sauko da milimita har zuwa nanomita, wato a ninka da 1000 sau biyu.

3. Ka zana ƙwayar albasar nan mai maikiromita 290 a littafinka, zanen ya kai milimita 116. Nawa ne ninkin girman zanen, kuma milimita nawa za ka ja layin da zai wakilci 50 µm? Ja layin a ƙasan zanen da rula, ka rubuta lambarsa a sama.