Jawabin maraba da baƙi a bikin buɗe foraj na Unguwar Zariya, Maraɗi

Mai unguwa ne ya karanta da Hausa. Yana tsayawa bayan kowane sashe, Malam Sani tafinta ya mai da shi Larabci.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinar Maraɗi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta. Iyayenmu mata, samari da 'yan mata, sannunku da fitowa.

Manyan baƙinmu da suka taso daga Kuwait: ahlan wa sahlan, lale marhabin. Kun sauka Yamai, kun yi tafiyar sama da kilomita 600 a mota kafin ku iso mu. Sannunku da gajiya. Garin da kuka shigo na Katsinawa ne, a bakin gulbi aka kafa shi, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu. A kan tudun nan kuwa ruwa ya yi nisa, shi ya sa muka ji daɗin aikinku.

Ga abin da muka karɓa, jama'a su ji, baƙi su shaida. Foraj mai zurfin mita 70, shato mai cin lita 10,000, faifan hasken rana 8, kan famfo 6. Za a riƙa buɗewa daga ƙarfe 7 zuwa 11 na safe, sannan daga la'asar zuwa magariba. Bido mai lita 25 dala biyar ne. Malam Sani, ka faɗa musu faran 25, kada su ji biyar su ɗauka faran 5 ne.

Kuɗin ba na kowa ba ne, na gyara ne. Mun ga yadda irin waɗannan ayyuka ke mutuwa. Ƙurar hunturu takan rufe faifai, injin ya yi sanyi, azahar ta yi shato bai cika ba. Saboda haka za a goge su da tsumma mai laushi kowace Litinin da Alhamis, da sassafe kafin su ɗau zafi. Yara kuma su kan rataye a kan famfo har bakinsa ya ɓalle, sai ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Kwamitin mutum 7 muka naɗa, 3 mata ne, kuma ma'ajiyar kuɗin mace ce. Ƙarshen kowane wata za a karanta lissafi a ƙofar masallaci.

Baƙinmu, bayan addu'ar liman, babbanku zai buɗe famfon farko. Daga nan sai zaurena, an dama fura da nono, akwai kilishi da shayi. Azahar a masallacin nan na gabas za mu yi ta tare.

Allah ya saka muku da alheri, ya mai da ku gida lafiya. Jazakumullahu khairan.

Malam Sani, bismillah.